Dalilin da Ya Sa Ake Janye Dokar Sauya Kalmar Sirri Duk Bayan Wata Uku

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar da ke amfani da kwamfuta ya san saƙon nan da ke faɗowa da safe, wai saura kwana biyar kalmar sirrinka ta daina aiki. Ya kuma san sharuɗɗan da ke biyo baya: babban baƙi ɗaya, ƙaramin baƙi ɗaya, lamba ɗaya, wata alama ɗaya, kuma kada ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ka yi amfani da su a baya. Shekara da shekaru ana ɗaukar wannan a matsayin ginshiƙin tsaro. Yau kuwa hukumomin da suka fi kowa faɗa-a-ji a fannin sun juya masa baya. Hukumar NIST ta Amurka, wadda ke tsara ma'aunan fasaha, ta ce a daina tun 2017. Hukumar tsaron sadarwa ta Birtaniya ma ta riga ta, domin tun 2015 ta fara ba da wannan shawarar. Kamfanin Microsoft ya cire wa'adin kalmar sirri daga jerin saitin tsaron da yake ba ma'aikatu shawara a kai a 2019.

Wasu na ganin sassauci aka yi saboda mutane sun gaji da ƙorafi. Ba haka abin yake ba. An janye dokokin ne domin an gwada su a kan kalmomin sirrin mutane na gaske, aka tarar ba sa yin aikin da aka ɗora musu. Kuskuren kuma guda ɗaya ne a ƙarƙashin dokokin biyu, wato ta wa'adi da ta cusa lambobi da alamomi: an yi lissafin kamar na'ura ce za ta zaɓi kalmar sirrin, alhali mutum ne yake zaɓa.

A 1985 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da wani kundi na yadda za a kula da kalmomin sirri, kuma a cikinsa akwai wani lissafi mai sauƙi. Yiwuwar a cinko kalmar sirri ta dogara da abu uku: tsawon lokacin da za ta yi tana aiki, yawan cankar da maharin zai iya yi a kowace rana, da kuma yawan kalmomin da za a iya ƙirƙira gaba ɗaya. A ninka na farko da na biyu, a raba da na uku. Daga nan hankali zai ba ka hanya biyu ta rage haɗari. Ko dai ka gajarta rayuwar kalmar sirrin, wato wa'adi, ko ka faɗaɗa yawan kalmomin da za su yiwu, wato a cusa lambobi da alamomi. Lissafin ba shi da aibu, amma yana tsaye ne a kan sharaɗin cewa kowace kalmar sirri tana da dama daidai da 'yar'uwarta ta zama ita aka zaɓa, kuma kowace sabuwa ba ta da alaƙa da tsohuwa. Shi kansa kundin ya fi son a bar na'ura ta ƙirƙiro kalmomin. Da dokokin suka bazu cikin ofisoshi, sai aka ɗauki wa'adin da tilascin, aka bar wannan sharaɗin a baya.

Daga baya, wajen 2003, wani ma'aikacin NIST mai suna Bill Burr ya rubuta wani sashe na kundin hukumar mai lamba 800-63, inda ya yi ƙiyasin ƙarfin kalmar sirri, ya kuma ba da ƙarin maki ga wadda aka tilasta wa ɗaukar babban baƙi da alama. A lokacin babu wata babbar taska ta kalmomin sirrin mutane da zai nazarta, don haka ƙiyasi ya yi. A 2017, bayan ya yi ritaya, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar akasarin abin da ya rubuta. Ni dai ina ganin an ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa, domin ma'aikatu sun fara waɗannan dokoki tun kafin shi. Abin da ya canza al'amarin ba nadamarsa ba ce, samuwar bayanai ce. A 2009 aka yi wa kamfanin RockYou kutse, kalmomin sirri kusan miliyan 32 suka fito fili a rubuce ƙarara, ba tare da wata kariya ba. Wadda ta fi kowace yawa a cikinsu ita ce `123456`. Daga ranar masu bincike da masu kutse duka suka samu madubin da ke nuna yadda ɗan Adam yake tunani idan aka ce ya ƙirƙiri sirri.

Mu ɗauki misalin ma'aikaci ɗaya mu bi shi. An ce masa lallai kalmarsa ta kai haruffa takwas, ta ƙunshi babban baƙi da ƙarami da lamba da alama, kuma zai sauya ta duk kwana 90. A watan Maris ya zauna gaban kwamfuta, aiki na jiransa, ya rubuta `Maris2024!`. Na'ura ta karɓa, har ma ta nuna masa koren layi alamar ta yi ƙarfi: haruffa goma, duk sharuɗɗan sun cika. Bayan wata uku saƙo ya dawo, ya rubuta `Yuni2024!`. Bayan wasu ukun, `Satumba2024!`. Bai karya doka ko ɗaya ba. Ba kuma sakarai ba ne. Mutum ne da ya san cewa duk abin da ya wahala ya haddace yau za a ƙwace masa bayan wata uku, saboda haka ya nemi dabarar da za ta raba shi da haddar. Wani abokin aikinsa kuma lamba kawai yake ƙarawa a ƙarshe, daga 7 zuwa 8 zuwa 9, har za ka iya ƙirga shekarunsa a wurin aiki daga kalmar sirrinsa.

Yanzu a dubi abin ta idon maharin. Shafukan da suka san abin da suke yi ba sa ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta. Suna bi da ita ta wani lissafi da ake kira hash, wanda ke mayar da ita wani jerin lambobi da ba a iya warwarewa a koma baya. Idan ɓarawo ya sace rumbun bayanan, abin da zai yi shi ne ya riƙa canka, yana bi da kowace canka ta wannan lissafin, yana duba ko sakamakon ya yi daidai da abin da ya sato. Ba ya farawa daga `aaaaaaaa` yana tafiya a jere. Yana farawa ne da jerin kalmomin da suka taɓa fita, irin na RockYou, da sunaye da watanni da shekaru, sannan ya ɗora musu ƙa'idojin sauyi. A manhajar hashcat, wadda masu gwajin tsaro da ɓarayi duka ke amfani da ita, ana rubuta ƙa'ida kamar haka:

```
c sa@ $1 $!
```

Ma'anarta: a mayar da harafin farko babba, a sauya kowane `a` da `@`, a ƙara `1` a ƙarshe, a ƙara `!`. Wannan ɗan layin shi ke mayar da `password` ta zama `P@ssword1!`, wadda za ta tsallake kusan kowace tsohuwar doka. Maharin yana da dubban irin waɗannan ƙa'idoji, an kuma jera su bisa yawan yadda mutane ke amfani da su. Ya san babban baƙin kusan kullum a farko yake, lambar a ƙarshe, alamar kuma galibi ta motsin rai ce, domin ita ce ta farko a layin lambobi na allon rubutu. Dokar da aka kafa don ta faɗaɗa masa fili sai ta zame masa taswira. Har wani ƙarin amfani take yi masa: tunda ya san dokar ma'aikatar, zai watsar da duk cankar da ba ta cika sharuɗɗan ba.

A kan takarda, alamomi suna da tasiri. Allon rubutu na yau da kullum yana da haruffa da lambobi da alamomi 95, don haka kalmar sirri mai gurbi takwas tana da yiwuwa kimanin tiriliyan 6,600. Adadin ya yi kama da abin da ba zai cimmu ba. To amma idan shafin ya yi amfani da hash mai saurin lissafuwa, irin su MD5, katin zane guda na kwamfutar zamani, wato ɓangaren da ke sarrafa hotuna, yana iya canka biliyoyi masu yawa a sakan ɗaya. Mu ƙaddara biliyan 100 a sakan. A wannan gudun za a zagaye tiriliyan 6,600 ɗin kakaf cikin ƙasa da awa 19, ko da na'ura ce ta zaɓi kalmar ba mutum ba. Yanzu a cire alamomin da lambobin da manyan baƙaƙe duka, a bar ƙananan haruffa 26 kaɗai, amma a tsawaita zuwa gurbi 15 da aka zaɓa ba tsari. A wannan gudun dai, zagaye su zai ci fiye da shekara 500. Tsawo ya fi ado nesa ba kusa ba, domin kowane gurbi da aka ƙara ninka aikin maharin yake yi. Sai dai a lura da sharaɗin nan na zaɓe ba tsari. Sanannen karin magana ko baitin waƙa mai haruffa talatin ba shi da wannan ƙarfin, domin yana iya kasancewa cikin jerin maharin a matsayin canka guda.

Batun wa'adi shi ne ya fi ba da mamaki, domin a ido ya fi kama da gaskiya. Hujjarsa ita ce, idan an sace kalmar sirrinka ba ka sani ba, sauyin da za ka yi zai kori ɓarawon. A 2010 wasu masu bincike uku a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, Yinqian Zhang da Fabian Monrose da Michael Reiter, suka gwada wannan hujjar. Jami'ar tana tilasta sauyi duk wata uku, kuma sun samu tarihin kalmomin sirrin tsofaffin asusun da aka rufe, fiye da dubu bakwai da suka iya nazarta. Tambayarsu ɗaya ce: idan maharin ya san tsohuwar kalmar mutum, yaya wahalar gano sabuwar? Suka tarar a kusan kashi 17 cikin ɗari na asusun, ƙasa da canka biyar ta isa. Wannan yana nufin ko shafin yana kulle asusu bayan kuskure biyar, ba zai tsare ba. Idan kuma maharin yana da hash ɗin a hannunsa, kusan kashi 41 cikin ɗari suna faɗuwa cikin sakan uku. Dabarun da mutanen suka bi su ne dai na ma'aikacinmu: ƙara lamba, sauya alama, matsar da harafi. Wanda ya ga `Maris2024!` da rana tsaka a watan Yuli ba ya buƙatar kwamfuta ma.

Akwai kuma matsalar lokaci, wadda ko da mutane suna zaɓen sababbin kalmomi na gaske ba za ta kau ba. Ɓarawon da ya samu kalmar sirri ba ya ajiye ta sai ta kwana casa'in. Cikin sa'o'i ko kwanaki yake shiga. Zai kwashe wasiƙu, ya saita akwatin imel ya riƙa tura masa kwafin duk abin da ya shigo, ya buɗe wa kansa wani asusun, ko ya dasa manhajar leƙen asiri a kwamfutar. Kafin wa'adin ya cika ya riga ya gina ƙofarsa ta baya, sauyin kalmar sirri kuma ba ya rufe ta. Idan manhajar da ke naɗar abin da ake bugawa ce a kwamfutar, sabuwar kalmar za ta isa gare shi a daidai lokacin da ake rubuta ta. Wa'adin ya yi tsawo ga wanda aka riga aka sace wa, ga wanda ba a sace wa ba kuma wahala ce kawai. Wannan ita ce hujjar da Microsoft ya kafa da zai cire dokar: idan ba a sace ba babu dalilin sauyawa, idan kuma akwai alamar an sace, me ake jira har sai wa'adi ya cika? A 2015 ma Sonia Chiasson da Paul van Oorschot na Jami'ar Carleton a Kanada sun yi lissafin abin, suka nuna cewa ko a yanayi mafi kyau ribar da wa'adi ke kawowa kaɗan ce ƙwarai.

Wani abin da tsofaffin dokokin ba su taɓa ba sam shi ne hanyoyin da aka fi sace kalmar sirri a yau. Shafin bogi da ya yi kama da na banki ko na ofis zai karɓi kalma mai alamomi ashirin kamar yadda zai karɓi `123456`. Sannan ga maimaitawa: mutum ya yi amfani da kalma ɗaya a wurare goma, aka fasa mafi raunin cikinsu, ɓarayi suka ɗauki adireshin imel da kalmar suka riƙa gwadawa a sauran. Kutsen da aka yi wa LinkedIn a 2012, wanda sai a 2016 aka gane ya shafi asusu fiye da miliyan 100, ya ciyar da irin wannan harin tsawon shekaru. Dokoki masu tsauri ba sa hana maimaitawa, ƙara ta ma suke yi, domin wanda ya samu kalma guda da kowane shafi ke karɓa zai riƙe ta gam.

To me aka kawo a madadinsu? A kundin 2017 NIST ta ce bai kamata a tilasta gauraya nau'in haruffa ba, bai kuma kamata a tilasta sauyi don kawai lokaci ya wuce ba. A sabon bugun da aka kammala a 2025 ta ƙara ƙarfin maganar, daga shawara ta koma hani kai tsaye ga duk tsarin da ke son a ce ya bi ma'auninta. Ta kuma ɗaga mafi ƙarancin tsawo zuwa haruffa 15 idan kalmar sirri ce kaɗai ke tsare asusun, takwas kuma idan akwai mataki na biyu na tantancewa, kamar lambar da ake samu a waya. Tsarin ya kamata ya karɓi aƙalla haruffa 64, har da tazara tsakanin kalmomi, ya kuma bar mutum ya manna kalmar daga manhajar adana kalmomin sirri. Tambayoyin nan na sunan makarantarka ta farko ko sunan dabbar gidanku an ce a bar su.

Mafi muhimmancin sauyin shi ne jerin haramtattu. Maimakon a tambayi ko kalmar tana da alama, sai a tambayi ko tana cikin waɗanda maharin zai fara gwadawa. Idan mutum ya zo kafa sabuwar kalma, tsarin zai gwada ta da jerin waɗanda suka taɓa fita a kutse, da sanannun kalmomi, da sunan ma'aikatar da sunan mai asusun. Idan ta faɗa ciki a ƙi ta, a kuma gaya masa dalili. Akwai hanyar yin wannan ba tare da an tona sirrin ba. Shafin Have I Been Pwned na Troy Hunt yana riƙe da ɗaruruwan miliyoyin kalmomin da suka fita, kuma mai tambaya ba ya aika masa kalmar. Yana lissafa hash ɗinta ne a wurinsa, ya aika haruffa biyar na farko na hash ɗin kawai, shafin ya maido masa duk waɗanda suka fara da waɗannan biyar ɗin, shi kuma ya duba a gida ko tasa na ciki.

Idan aka duba da kyau, nauyi ne aka ɗauke daga kan mai asusu aka mayar kan mai tsarin, kuma a ganina can ya dace da shi tun farko. Mai tsarin ne zai iya taƙaita yawan kuskuren da za a yi a jere kafin a dakatar da mai canka. Shi ne zai iya ajiye kalmomin da lissafi mai nauyi da gangan, irin bcrypt ko Argon2, tare da ɗan ƙarin da ake haɗa wa kalmar kafin lissafin, wanda ya bambanta ga kowane asusu, ta yadda cankar biliyoyi a sakan za ta ruguzo zuwa dubbai. Wannan zaɓin kaɗai ya fi duk alamomin da ma'aikata za su cusa. Shi ne kuma zai iya kunna mataki na biyu na tantancewa, ya sa ido a kan shiga daga wata ƙasa da tsakar dare.

Amma a nan ne wasu ke zamewa. Suna jin rabin labarin, su kashe wa'adi, su cire sharaɗin alamomi, su bar mafi ƙarancin tsawo a takwas, ba jerin haramtattu, ba mataki na biyu, ba mai sa ido. Ma'aikatar da ta yi haka ta fi yadda take a da rauni, domin yanzu `12345678` ma za ta wuce. Sabuwar shawarar dunƙule take, ba a ɗaukar mai daɗin a bar mai wuyar. Hanin sauyi na lokaci-lokaci yana tafe da wajibcin sauyi nan take idan aka ga alamar an sace, kuma ba za ka ga alama ba idan ba ka da abin gani. Wa'adin kwana 90, duk da rauninsa, wani lokaci shi kaɗai ne ke kashe asusun ma'aikacin da ya bar aiki aka manta ba a rufe ba. Wanda zai cire shi sai ya tanadi hanyar rufe irin waɗannan asusun.

Akwai kuma wuraren da sauyi yake nan daram. Kalmar da mutane da yawa ke amfani da ita tare, dole a sauya ta ranar da ɗayansu ya tafi. Kalmar da na'ura ta zo da ita daga masana'anta, a sauya ta kafin a jona na'urar da intanet. Kalmomin da manhajoji ke amfani da su a tsakaninsu ana iya juya su a kai a kai ba tare da wata illa ba, tunda na'ura ce ke ƙirƙira ita ce kuma ke tunawa, wato sharaɗin lissafin 1985 ya cika a nan.

Shi ya sa kuma ba za a ga tsohuwar dokar ta ɓace dare ɗaya ba. Ma'aunin PCI DSS, wanda ke kan duk mai sarrafa bayanan katin biyan kuɗi, a bugunsa na huɗu da ya fito a 2022 ya bar sharaɗin kwana 90 a inda kalmar sirri ce kaɗai kariya, sai dai idan tsarin yana auna haɗarin kowace shiga a lokacin da ake yin ta. Masu binciken ƙa'ida da kamfanonin inshora da yawa har yanzu da tsohuwar takardar tambayoyi suke zuwa, kuma ya fi sauƙi jami'in fasaha ya nuna musu saitin da ke cewa kwana 90 a kan ya tsaya bayanin binciken Chapel Hill. Jami'in da ke son ya san halin da ma'aikatarsa ke ciki yana da gwaji mai sauƙi: da izinin shugabanni a rubuce, ya ɗauki hash ɗin asusun ma'aikata ya bi da su ta jerin sanannun kalmomi da watanni da shekaru da sunan ma'aikatar na tsawon awa guda, ya ƙirga nawa suka faɗi, sannan ya duba nawa daga cikin waɗanda suka faɗin ne suka cika kowane sharaɗi na dokar gidan.